Darasi na Tara: Wasiƙar Ɗa Zuwa ga Mahaifinsa Kan Yarinyar da Yake Son Aura

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran mai koyo zai iya:

1. bayyana abin da irin wannan wasiƙa take nema daga uba, da dalilin da ya sa saurayi yake bukatar yardar gidansu;
2. jera sassan wasiƙar bisa tsarin da ya dace;
3. rarrabe maganar da ake sawa a takarda da wadda ake bar wa bakin ɗan aike;
4. rubuta wasiƙarsa da kansa, ko ya rubuta wa wanda ya roƙe shi.

1. Abin da wasiƙar take nema

Droum ƙasar manoma ce a gundumar Mirriya, cikin jihar Damagaram, kudu maso yamma da birnin Zindar, kuma kamar sauran garuruwan yankin, samarinta da yawa sukan bar gida bayan an gama aikin kaka, su tafi cin rani Zindar ko Kano ko Agadas, wasu har Aljeriya da Libiya. Saurayin da ya daɗe a waje yakan ga yarinyar da ta kwanta masa a rai, alhali mahaifinsa yana gida bai san ta ba, bai kuma san iyayenta ba, wani lokaci ma yana da wadda ya riga ya ajiye masa a zuci cikin 'ya'yan dangi. Ko da suna gari ɗaya, kunya takan hana ɗa ya zauna gaban mahaifinsa ya buɗe baki da zancen aure, musamman idan ɗan fari ne, wanda tsakaninsa da iyayensa akwai kara ta musamman. A nan ne takarda take shigowa, domin tana faɗin abin da baki ya kasa faɗi, tana kuma bai wa uba lokacin yin tunani ba tare da an tsare shi da ido ba.

Ya kamata mai koyo ya fara fahimtar matsayin kowa a shari'a. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yawan mutanen Damagaram suke bi, kuma wadda almajirai suke karantawa a *Risala* ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyin mace da sadaki da shaidu biyu adalai. Namiji baligi mai hankali kuwa ba ya bukatar waliyyi, kuma mahaifinsa ba shi da ikon tilasta masa auren wadda ba ya so. Da za a tsaya a nan, sai a ce saurayi ba ya bukatar rubuta komai. Amma zaman duniya ya nuna akasin haka, saboda iyayen yarinya ba sa sauraron saurayin da ya zo shi kaɗai, abin da za su ce masa shi ne ya turo magabatansa, sannan amarya galibi cikin gidan uban za a kawo ta, a ɗakin da aka gina ko aka gyara a sashen gidan, ta ci daga rumbu ɗaya da uwar miji da matan 'yan'uwansa. Auren da aka ɗaura ba da son ran gida ba, matar ce take fara ɗanɗana kuɗarsa, tun kafin mijin.

Saboda haka wasiƙar ba ta sanar da hukuncin da aka riga aka yanke ba ce, ba kuma filin bayyana zafin soyayya ba ce. Aikinta shi ne ta miƙa maganar a hannun uba tare da bayanan da zai iya bi ya tabbatar da kansa, ta yadda idan ya amince zai san gidan da zai tura mutane da wanda za su tarar a can.

> Akwatin kalmomi na 1
> Magabata: manyan gidan saurayi, kamar ƙannen uba da yayyensa, waɗanda ake turawa neman aure.
> Waliyyi: namijin da yake da ikon ba da auren mace, kamar mahaifinta ko wanda ya tsaya a madadinsa.
> Wakili: wanda yake karɓar aure a madadin ango ranar ɗaurin aure.
> Bincike: tambayar da kowane gida yake yi a asirce kan asali da hali da addinin ɗaya gidan kafin a ba da amsa.

2. Takarda tana da kunnuwa da yawa

Wannan shi ne sashen da masu koyo suka fi yin sakaci da shi, kuma shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa. Mai rubutu yakan ɗauka mahaifinsa kaɗai yake yi wa magana, alhali sau da yawa uban ba ya karanta boko, ko kuma idonsa ya yi rauni ko da ajami aka rubuta, sai ya kira ɗan lakwal ko malamin unguwa ya karanta masa a zaure. Mai karatu yakan ɗaga murya, ya tsaya ya maimaita inda tsoho bai ji ba, wani ƙanen uban yana zaune a gefen tabarma, wata yarinya ta shigo da kwanon fura ta ji rabin jimla ta koma da ita cikin gida. Bayan haka takardar takan shiga aljihun riga ko cikin gafaka, ta yi shekaru ana iya fito da ita. Saƙon murya ta wayar salula ma bai tsira daga wannan ba, domin tura shi ga wani ya fi sauƙi. Ka'idar da ta fito daga nan ita ce, duk maganar da mai rubutu ba zai so a faɗe ta a tsakar gidansu ba, kada ya sa ta a takarda.

Abu na farko da wannan ka'ida ta hana shi ne aibata wata yarinya. Idan an taɓa yi wa saurayi zancen 'yar baffansa, wato auren zumunci, bai kamata ya rubuta dalilin da ya sa ba ya son ta ba, ko da yana ganin dalilin gaskiya ne, domin mahaifinta yana iya kasancewa shi ne zaune a gefen tabarmar, kuma shi ne gobe za a roƙa ya jagoranci masu zuwa neman auren. Kalma ɗaya ta raini a kan 'yarsa tana iya raba gida biyu shekara da shekaru, ta kuma ɓata wa yarinyar da ba ta yi laifin komai ba suna a gari. Abu na biyu shi ne sirrin wadda ake so, kamar abin da ya raba aurenta na farko idan bazawara ce, ko sakamakon gwajin jini. Gwajin kansa abu ne mai kyau, musamman na amosanin jini da ake kira sikila, tunda idan miji da mata duk suna ɗauke da AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na haifar yaro mai SS. Amma abin da ya isa a rubuta shi ne za a yi gwaji a asibiti kafin a sa rana, sakamakon kuwa magana ce ta baki tsakanin waɗanda abin ya shafa.

Abin da aka hana takarda, ana ɗora shi a kan ɗan aike. Shi ya sa ba a bai wa direban tasha irin wannan wasiƙa ya miƙa wa duk wanda ya tarar a ƙofar gida. Ana neman dattijon da uban yake jin nauyinsa, kamar amininsa ko kawun saurayin ko gwaggonsa, a yi masa cikakken bayani, shi ya zaɓi lokacin da zai kai ta, ya kuma zauna a karanta a gabansa domin ya amsa tambayoyin da za su taso.

3. Sassan wasiƙar

Wasiƙar tana farawa da wuri da kwanan wata, sai bisimilla da sallama, sai gaisuwa. Ba a rubuta sunan uba gatsau, ana cewa "Baba" ko laƙabin da ake kiransa da shi a gida, kuma ya fi kyau a yi amfani da "ku" maimakon "kai", domin tana nuna girmamawa, tana kuma haɗa uban da 'yan'uwansa cikin maganar. Gaisuwar takan ambaci Inna da iyayen gida bisa girmansu, ta tambayi amfanin gona, amma kada ta cinye rabin takardar har tsoho ya ƙosa.

Daga nan sai neman afuwa a taƙaice kan kawo maganar da ta fi ƙarfin bakin yaro, sai gabatar da yarinyar. Wannan gabatarwa ita ce zuciyar wasiƙar, kuma ma'auninta ɗaya ne, wato kowace jimla ta zama abin da za a iya tura mutum ya je ya gani. Cewa "tana da kyau da hankali" ba ya kai mai bincike ko'ina, amma sunan mahaifinta da garinsu da unguwarsu da sana'arsa, da sunan wani mutum da gidajen biyu suka sani, suna kai shi har ƙofar gida. Ana faɗin shekarunta, da ko budurwa ce ko bazawara, da cewa da yardarta ake maganar. Idan akwai abin da saurayi ya san gidansu za su yi turjiya a kai, kamar bambancin ƙabila ko sana'ar gado irin ta ƙira ko fawa ko wanzanci, gara ya faɗe shi da kansa cikin ladabi da a ce mai bincike ne ya tono shi, domin abin da aka ɓoye yakan yi nauyin da ya fi nasa na asali. Ƙasar Damagaram dai tun zamanin da take ƙarƙashin Barno ta haɗa Hausawa da Barebari da Fulani da Buzaye, kuma auratayya tsakaninsu ba baƙon abu ba ne.

Akwai abubuwa uku da shari'a ta sa wa shinge, waɗanda ya kamata wasiƙar ta kawar da shakka a kansu. Na farko, ba a nema cikin nema, wato idan iyayen yarinya sun riga sun karkata ga wani mai nema, bai halatta wani ya shiga ba. Na biyu, idan bazawara ce, ba a fito da neman aurenta a fili sai ta gama idda, wadda ga sakakkiya mai jinin al'ada tsarki uku ce, ga wadda mijinta ya rasu wata 4 da kwana 10, ga mai ciki kuwa har ta haihu. Na uku shi ne shayarwa, domin a Malikiyya nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara 2 na farko, ko sau ɗaya ne, yana haramta aure kamar yadda dangantakar jini take haramtawa. Wannan na ƙarshe mata ne suka fi saninsa, saboda haka idan gidajen biyu sun taɓa zama wuri ɗaya, ana roƙon a tambayi iyaye mata.

> Akwatin kalmomi na 2
> Sadaki: haƙƙin amarya da ango yake bayarwa, wanda mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari ne.
> Lefe: tufafi da kayan ado da gidan ango suke kai wa amarya cikin akwati.
> Sa rana: tsayar da lokacin ɗaurin aure tsakanin gidajen biyu.
> Idda: zaman jira da mace take yi bayan saki ko rasuwar miji kafin ta sake aure.

Sai maganar hali, wato abin da saurayi yake da shi a hannu. A nan akwai wani tarko na lissafi da ya keɓanta da masu amfani da sefa. A kasuwa ana ƙirga kuɗi da dala, kuma dala ɗaya sefa 5 ce, ta yadda wanda ya ce "ɗari" sefa 500 yake nufi, jika ɗaya kuwa sefa 1,000 ce. Idan mai rubutu ya rubuta adadi da lamba kawai, mai karatu yana iya faɗinsa da lissafin lakwal, tsoho kuma ya ji shi da lissafin dala, sai abin da ya ɗauka ya ninka na gaskiya sau biyar, ya je ya yi alkawari a kan kuɗin da babu su. Maganin wannan shi ne a rubuta adadin da jika, sannan a biyo shi da lamba.

Wasiƙar tana rufewa da roƙo ɗaya bayyananne da neman albarka. Roƙon shi ne a yi bincike, ba a sa rana ba, domin sa rana matakin da ke can gaba ne, kuma na manya ne.

4. Misali: wasiƙar wani makanike daga Agadas

A ɗauka wani saurayi ɗan Droum mai shekara 26 yana aikin gyaran mota a Agadas, ya ga wata yarinya 'yar Mirriya da take zaune wurin yayarta a can, alhali shekaru biyu da suka wuce an taɓa yi masa zancen 'yar Baba Ƙarami. A rubutunsa na farko ya ce: "Na yanke shawara zan auri wance, mun riga mun yi wa juna alkawari, kuma ita 'yar Baba Ƙarami ban taɓa son ta ba." Wannan jimla ɗaya ta tara kurakurai uku, domin ta ƙwace hukunci daga hannun uba, ta nuna an ƙulla magana a bayan idon manya, ta kuma wulaƙanta 'yar gida a gaban duk mai sauraro. Ga yadda wasiƙar ta koma bayan gyara. An sa "wane" da "wance" a gurbin sunaye, mai koyo zai cike da nasa.

*Agadas, 12 ga Oktoba*

*Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum.*

*Zuwa ga Baba. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, da Inna da Baba Ƙarami da dukan mutanen gida. Na ji an fara yankan gero, Allah Ya sa albarka a abin da aka samu. Ni ma ina nan lafiya, aiki yana tafiya da addu'arku.*

*Baba, ku gafarce ni, na kawo maganar da ba ta bakina ba ce, shi ya sa na roƙi Kawu ya kawo muku takardar nan da hannunsa. Na ga wata yarinya da nake fatan, idan kun ga ya dace, ku nema mini aurenta. Sunanta wance, 'yar Malam wane ce na Mirriya, manomi ne mai lambu, gidansa yana kusa da masallacin unguwarsu. Shekarunta 19, budurwa ce, ta yi karatun allo, tana kuma ɗinki a gidan yayarta a nan Agadas. Alhaji wane, wanda kuke haɗuwa da shi a kasuwar Zindar, ya san mahaifinta tun suna yara. Mahaifiyarta Babarbariya ce, na ga ya kamata ku ji daga gare ni. Na tambaya an ce mini babu maganar kowa a kanta, ita ma ta ce ba ta ƙi ba idan iyayenta sun yarda. Ban je gaban mahaifinta ba, ban kuma kai komai gidansu ba, domin wannan naku ne.*

*Ban manta da maganar da aka taɓa yi a gida ba, kuma ban raina ta ba. Na yi wa Kawu bayanin abin da ke raina, zai faɗa muku da baki. 'Yar Baba Ƙarami ƙanwata ce, duk abin da ya same ta ni ya sama.*

*Abin da na tara zuwa yau jika ɗari uku ne, wato sefa 300,000. Ina so a ware jika sittin, sefa 60,000, a gyara ɗakin da ke bayan rumbu, sauran kuwa ku ne za ku tsara yadda za a yi da su. Idan Allah Ya sa maganar ta yi nisa, za mu yi gwajin jini a asibiti kafin a sa rana.*

*Roƙona shi ne ku tura wanda kuka yarda da shi Mirriya ya bincika gidan. Idan kun ga abin da ban gani ba, ku kira ni in zo in saurara. Ina neman albarkarku da ta Inna.*

*Ɗanku, wane.*

Idan aka duba sakin layi na uku na jikin wasiƙar, za a ga bai yi shiru kan 'yar Baba Ƙarami ba, domin shirun zai zama kamar raini, amma kuma bai ba da dalili ba, ya tura dalilin bakin Kawu, ya bar wa Baba Ƙarami ƙofar da zai janye maganar 'yarsa da mutuncinsa. Jimlar da ta ce bai kai komai gidansu ba ita ce mafi nauyi a wurin uba, domin tana tabbatar masa cewa ba a sha gabansa ba. Sharaɗinta dai shi ne ta zama gaskiya, tunda mai bincike zai tambaya, kuma ƙarya ɗaya da aka kama tana zubar da sauran takardar. Haka nan bai rubuta cewa zai haƙura da duk abin da aka yanke ba, abin da ya yi alkawari shi ne zai zo ya saurara. Bai kamata saurayi ya rubuta alkawarin da ya san ba zai iya cikawa ba don kawai wasiƙa ta yi daɗin ji.

5. Bayan an aika

Uba ba kasafai yake mayar da amsa a rubuce ba, kuma shirun mako biyu ko uku ba ƙi ba ne, domin yana iya zama ana shawara ko an riga an tura mai bincike. Alamar da ke nuna maganar tana tafiya ita ce a fara aiko da tambayoyi ta bakin ɗan aike, kamar sunan kakan yarinyar ko garin da mahaifiyarta ta fito. Idan kuwa aka ce "a bari sai bayan kaka" aka sake cewa "sai bayan salla" ba tare da an tambayi komai game da gidan ba, to akwai abin da ya tsaya, kuma wasiƙa ta biyu ba za ta warware shi ba, balle wadda take ɗauke da barazanar cewa ba za a dawo gida ba. A wannan hali saurayi yakan nemi izinin wurin aiki ya taho da kansa, ya sauka wurin ɗan aiken, su tafi tare, kuma adalci ne ya sanar da yarinyar halin da ake ciki domin kada ta kori wasu masu nema tana jiran abin da ba shi da tabbas.

Tambayoyin bita

1. Tunda shari'a ba ta wajabta wa namiji baligi waliyyi ba, waɗanne dalilai ne suke sa saurayi neman yardar mahaifinsa?
2. Me ya sa ba a rubuta aibin 'yar dangi a cikin wasiƙar, kuma wa ake ɗora wa wannan magana?
3. A kawo abubuwa uku da shari'a ta sa wa shinge a neman aure, a bayyana ɗaya daga cikinsu.
4. Idan tsoho ya ji an karanta masa "ɗari biyu" ya ɗauka da lissafin dala, sefa nawa ya fahimta? Yaya za a rubuta sefa 150,000 yadda ba za a yi kuskure ba?
5. A gyara wannan jimla ta dace da kunnen uba: "Idan ba ku yarda ba, zan ɗaura aurena a nan."
6. Kowane mai koyo ya rubuta wasiƙa irin wannan da ba ta wuce shafi ɗaya ba, a madadin saurayin da yake son auren bazawara, sannan ya bai wa abokin karatunsa ya karanta ta da ƙarfi a gaban aji, ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ya ji nauyin a faɗe ta a bainar jama'a, ya zo da gyararriyar a zama na gaba.